Vim ya cinye mini masara, kuma ya hana ni fita

Sanusi: Salamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah a taimaka mini da gaggawa. Ina shagon kawuna a Babbar Kasuwa, ya sa ni in ƙara farashin dawa a tsohuwar kwamfutarsa mai Linux. Wanda ya haɗa masa ita ya bar takarda cewa a buga `vim farashi.txt`, na buga, fayil ya buɗe. Layin farko `masara 300` ne, na biyu `shinkafa 600`. Na rubuta dawa 250, sai ga abin da na gani:

```
3 25000
shinkafa 600
```

Masara ta ɓace, dawar ma ba ta fito ba. Na nemi inda ake rufewa na rasa. Kawu ya tafi masallaci, ina so in gyara kafin ya dawo.

Ibro: Wa alaikumus salam. Abu mai sauƙi, ƙanena. Buga `:wq` ka danna Entrée, shi ke nan ka fita.

Sanusi: Yaya Ibro na buga. Abin ya ƙara lalacewa, yanzu layin ya rabu biyu:

```
3 250:wq
00
```

Garba mai gyara: Wannan kilabiyen ne ya mutu. Ƙurar kasuwa ke shiga ƙarƙashin maɓallan, ka danna ɗaya wani ya fito. Kawo ta shagona a Sabon Gari in hure maka ita.

Hadiza: Malam Garba, kilabiyensa lafiya lau yake. Sanusi, ɗauke hannunka tukuna, kada ka sake danna komai. Ka ma gode wa Allah da `:wq` ɗin bai yi aiki ba, domin da ya yi, da ya adana ɓarnar a kan fayil ɗin kawunka. A yanzu abin da kake gani a allo kwafi ne kawai da Vim, shirin rubutun da ya buɗe maka fayil ɗin, ke riƙe da shi, na ainihin yana nan yadda yake, masararsa da komai. Duba can ƙasan allo ta hagu. Mi aka rubuta?

Sanusi: An rubuta `-- INSERTION --`

Hadiza: Yauwa. Taka tana magana da Faransanci ne, a ta Ingilishi `-- INSERT --` ake gani. Ma'anarsa kana cikin yanayin rubutu, duk abin da ka danna zai shiga fayil a matsayin harafi, har da `:wq` ɗin da Ibro ya ba ka. Danna `Esc` sau ɗaya, ka ga ko rubutun nan na ƙasa zai ɓace.

Sanusi: Yaya Hadiza, babu `Esc` a nan, na duba ko'ina.

Hadiza: Maɓallin farko a kusurwar sama ta hagu. A kilabiyen Faransa `Échap` ake rubutawa a kansa.

Sanusi: Na gan shi. Na danna, rubutun ƙasan ya ɓace. Sai na buga `:q` don ina tsoron `w` ɗin nan, ya fito mini da jan layi:

```
E37: No write since last change (add ! to override)
```

Ban kwafo na Faransancin ba, lambar na nema na samu wannan. Na ƙara ɓata wani abu ne?

Hadiza: Ba ka ɓata komai ba. Vim ne ke tunatar da kai cewa ka canza abu ba ka adana ba, shi ya sa ya ƙi fita. Mu kuwa canjin ne ba mu so. Buga wannan ka danna Entrée:

```
:q!
```

Alamar `!` tana ce masa ka sani, ka yarda a zubar da duk abin da aka yi tun adanawar ƙarshe. Bayan ka fita ka buga `cat farashi.txt` ka gani da idonka.

Sanusi: Alhamdu lillahi! Masara ta dawo, 300 ɗinta na nan. Allah ya saka da alheri. Amma ni dai abin ya ɗaure mini kai. Dawa na rubuta, mi ya kai hannuna ga masara?

Hadiza: Idan ka buɗe Vim ba ya sauke ka a wurin rubutu, yana sauke ka a yanayin umarni ne. A can kowane harafi aiki ne ake ba shi. Bi kalmarka harafi bayan harafi ka gani. `d` na nufin goge, amma sai ya tsaya yana jiran ka faɗa masa abin da zai goge. Ka ba shi `a` da `w`, su biyun a haɗe suna nufin kalma ɗaya sukutum da filin da ke bayanta. Manunin nan mai ƙyafce-ƙyafce yana kan masara a lokacin, sai masara ta tafi, layin ya rage `300`, manuni ya koma kan 3. Saura `a` ta ƙarshe. Ita kaɗai umarni ce ta daban: fara rubutu bayan harafin da manuni ke kai. Daga nan ne ka faɗa yanayin rubutu ba ka sani ba, fili da 250 suka shige tsakanin 3 da sifili biyun. Ga `3 25000` ɗinka.

Ibro: Kai! Ashe dawa umarni ce cikakkiya.

Hadiza: Shi ma ya yi sa'a, ɓarnarsa a fili take. Da gero ya rubuta da abin ya fi muni. A ce manuni na farkon layin shinkafa. `ge` zai mayar da shi ƙarshen kalmar da ta gabata, wato sifilin ƙarshe na 300 a layin sama. `r` kuma na nufin musanya harafin nan da wanda zan danna yanzu, ka danna `o`. Sai 300 ta koma `30o`, babu ƙara, babu saƙo, ba ka ma bar yanayin umarni ba. A ƙaramin allon shago wa zai bambance sifili da harafin o? Sai ranar da aka zo lissafi.

Nafisa: To ni wannan ai mugunta ce. Wane irin mutum ne zai ƙera abin rubutu wanda in ka buɗe shi ba ya rubutu?

Ibro: Saboda a zamanin da aka yi shi babu linzamin kwamfuta, dole a yi komai da maɓalli.

Mushe Lawali: Ibro, ka kama gefe ɗaya. Rashin linzami bai wajabta haka ba, ai `nano`, wani shirin rubutun, shi ma ba ya buƙatar linzami, amma kana buɗe shi kake rubutu, umarninsa kuma ana haɗa su da `Ctrl`. Abin ya samo asali ne daga kakansa. Vim jikan `vi` ne, wanda Bill Joy ya rubuta a Jami'ar Kaliforniya ta Berkeley a 1976. Kafin shi ana aiki da `ed` da `ex`, waɗanda ba sa nuna maka shafi gaba ɗaya. Kana buga umarni ne layi-layi, ka ce goge layi na uku, nuna mini na biyar, rubutu kuwa sai ka nemi izni da wani umarnin. Da `vi` ya zo ya shimfiɗa shafin a allo amma bai yar da wannan ɗabi'ar ba. Duk abin da kuke bugawa bayan `:` umarnin `ex` ne har gobe, `w` don rubutawa a faifai, `q` don fita.

Sai na'urar da ya yi aikin a kanta, ADM-3A. Ba ta da maɓallan kibiya na daban, an zana kibiyoyin ne a kan `h` `j` `k` `l`, shi ya sa har yau su ne hagu, ƙasa, sama da dama. `Esc` ɗinta kuma yana inda `Tab` yake a namu, dab da ƙaramin yatsa. Ga shi layin sadarwar yana tafiyar hawainiya, wajen harafi 30 a daƙiƙa. Mai wannan hali yana son kowane danni ɗaya ya yi aiki mai yawa. Vim da muke da shi Bram Moolenaar ne ya fitar da shi a 1991, ɗan Holan, ya rasu a 2023, kuma ya gaji tsarin kamar yadda ya same shi.

Nafisa: Mushe, na ji tarihi, amma wancan zamanin ya wuce. Yau muna da kibiyoyi muna da linzami. Mi ya hana a gyara?

Mushe Lawali: Ƴata, masu amfani da shi ba su ɗauke shi aibi ba balle su gyara. Ki lura da kanki in kina aiki a kan takardar da aka riga aka rubuta: lokacin da kike ƙara sabon rubutu kaɗan ne, mafi yawa nema kike, kina gogewa, kina matsar da layi. Vim ya ba wannan aikin maɓallan da suka fi kusa da yatsu. Kuma umarnin suna haɗuwa kamar jimla, aiki sannan abin da za a yi wa aikin. `dw` goge zuwa farkon kalma ta gaba, `dd` goge layi, `3dd` goge layi uku. In kin san `d` kin san `w`, ba sai an koya miki `dw` daban ba. Ni ina kwatanta wa ɗalibaina da totur ɗin mota: takawa ɗaya ce, amma ko ka yi gaba ko ka yi baya ya danganta da giyar da kake ciki. Wanda ya taka bai duba giya ba shi ke shiga katangar maƙwabci.

Nafisa: Motar da ake tayarwa a same ta a ribas dai ba ni saye.

Sanusi: Ku yi haƙuri in katse ku. Har yanzu ban sa dawar ba, kuma an kusa sallame salla.

Hadiza: Sake buɗewa da `vim farashi.txt`, kada ka fara rubutu. Danna `G` babba, zai kai ka layin ƙarshe. Danna `o` ƙarama, zai buɗe sabon layi a ƙasa ya sa ka a yanayin rubutu, ka tabbata ka ga `-- INSERTION --` kafin ka ci gaba. Rubuta dawa 250. Danna Échap. Dubi layukan uku da kyau, in sun yi maka, to yanzu ne lokacin `:wq` ɗin Ibro. In gyara za ka yi a tsakiyar layi, kai manuni wurin ka danna `i`, shi ke fara rubutu kafin harafin da kake kai.

Sanusi: Ya yi! Layi uku cif, na duba da `cat`.

Ibro: Ka ga ai maganata ce a ƙarshe. Ni ma fa ba `:wq` nake bugawa ba kullum, `ZZ` ya fi sauri, manyan Z biyu ba tare da `:` ba. Duk abu ɗaya ne.

Hadiza: Kusan ɗaya. `:wq` yana rubuta fayil ko ka canza ko ba ka canza ba, don haka lokacin gyaran ƙarshe na fayil ɗin yana sauyawa. `ZZ` da `:x` ba sa rubutawa sai in akwai canji. Ga fayil ɗin farashi ba wani abu ba ne, amma ga mai shirin da ke duba lokacin fayil kafin ya yi aiki akwai bambanci. Ni dai ba na koya wa sabon shiga `ZZ`, saboda ba ya ganin abin da ya buga. Da `:` kuwa umarnin na fitowa a ƙasan allo, ka karanta shi kafin ka danna Entrée, in ba ka so ka danna Échap ka fasa.

Zainabu: Tun da an buɗe maganar, ni tawa matsalar daban ce, kuma na yi duk abin da kuka ce. Kwamfutar yayana ce da ya sayo a Katsina. Na danna `Esc`, na danna maɓallin da aka zana `:` a kai tare da Shift, ba abin da ya fito a ƙasa, manuni ne kawai ya yi tsalle zuwa tsakiyar allo. Na danna `q`, sai ga ni a yanayin rubutu kuma. Haka nake ta zagaye tun jiya, a ƙarshe rufe tagar nake yi.

Garba mai gyara: To wannan kam kilabiye ne, ko Hadiza ba za ta musa ba. Na'urorin da ke shigowa ta Jibiya da Ɗan Isa zanen Ingilishi ne a kansu, QWERTY, mu kuma nan Nijar in mun sa musu tsari sai mu zaɓi Faransanci, AZERTY. Abin da ke zane daban, abin da ke fita daban.

Hadiza: Wannan karon ka yi gaskiya, Malam Garba, kuma alamun sun dace. Inda Ingilishi ya sa `:` nan Faransanci ya sa M, tare da Shift kuwa babbar `M` ce, wadda a Vim ke kai manuni tsakiyar allo. Inda aka zana q kuma `a` ke fita, ita ce ta jefa ki rubutu kamar yadda ta yi wa Sanusi. Zainabu, ki manta da zanen. A tsarin Faransanci `:` yana maɓallin da aka zana wa ɗigo a layin ƙasa, ba a haɗa shi da Shift. `!` yana kusa da shi ta dama, inda aka zana `/`. `q` tana inda aka zana A, `w` tana inda aka zana Z. Ki riƙa kallon ƙasan allo kina bugawa, in ba ki ga `:` ya bayyana can ba, ba ki fara umarnin ba tukuna.

Zainabu: Wallahi ya fita! Ɗigo, A, sai Entrée. Ikon Allah.

Garba mai gyara: Ki kawo a mayar miki da tsarin ya dace da zanen, ko a liƙa miki takardun haruffa a kan maɓallan. In ba haka ba ranar da za ki buga kalmar sirri za ki sha wuya.

Alhaji Mamman: Ni ban ga abin wahala ba. Yarinyar nan ta ce tana rufe tagar, ai ta fita ke nan. Ni ma haka nake yi, ko in kashe na'urar gaba ɗaya.

Hadiza: Alhaji, ran ka ya daɗe, fita kam an fita, amma sau da yawa ana barin baya da ƙura. Muddin fayil na buɗe, Vim na ajiye wani ɓoyayyen fayil a gefensa, na Sanusi sunansa `.farashi.txt.swp`, yana zuba canje-canjen da ba a adana ba a ciki. In an fita ta ƙofa yana share shi. In aka kashe na'ura ko aka ɗauke wuta, yana nan, sai ka sake buɗewa ka tarar da dogon saƙo mai farawa da `E325: ATTENTION` yana tambayar mi za a yi. Mutane na tsorata da shi, alhali taimako ne. Mu da wuta ke tafiya ba sallama a lokacin zafi, kwamfutar tebur kuma ba batir, wannan fayil ɗin ne ke ceton aikin. `R` na dawo da abin da ka rubuta, ka duba, ka adana da `:w`, ka fita, sannan ka goge na `.swp` ɗin don kada saƙon ya riƙa dawowa. Sai dai a karanta saƙon tukuna: in ya nuna cewa wani Vim ɗin na nan yana aiki a kan fayil ɗin, to wataƙila yana buɗe a wata taga, a je can a rufe shi.

Alhaji Mamman: Ashe shi ne abin da ke fito mini kullum. Ina danna Entrée ne kawai har ya gaji.

Ibro: Akwai kuma wanda ya saba da Word, yana gama rubutu hannunsa ya tafi `Ctrl` da `S`. A tarminal da yawa wannan na daskarar da allo, ka yi ta danna `Esc` ba motsi, ka ɗauka na'ura ta maƙale. `Ctrl` da `Q` ke sake ta. Amma a yi hattara, duk abin da ka daddanna tana daskare yana nan a layi, tana sakewa zai zubo gaba ɗaya a matsayin umarni.

Hadiza: Daidai. In hakan ta faru, Échap, sannan `u` yana warware canji ɗaya-ɗaya zuwa baya. In ba ka san iyakar ɓarnar ba, `:q!` ka sake shiga ya fi kwanciyar hankali.

Nafisa: Ku duba fa yawan ramukan da kuka lissafa don a ƙara layi ɗaya. Sanusi, gobe ka buga `nano farashi.txt`. Umarninsa na rubuce a ƙasan allo, `^O` adanawa, `^X` fita, alamar `^` kuma `Ctrl` ce. Kawunka hatsi yake sayarwa.

Mushe Lawali: Ga shagon kawunsa ban ƙi ta taki ba. Amma yaron yana karatun kwamfuta ne, kuma ba kullum mutum ke zaɓar abin da zai buɗe masa ba. Ka shiga wata na'ura daga nesa ka tarar ba a sa `nano` ba, `vi` kuwa da wuya ka rasa shi a dangin Unix. Ka buga `git commit`, umarnin da masu rubuta shiri ke adana canje-canjensu da shi, ba tare da saƙo ba, a na'urori da yawa Vim ne zai tare ka. Ko ba zai zauna a ciki ba, ya san ƙofar fita. Akwai `vimtutor` da ke zuwa tare da cikakken Vim, darasin kamar rabin awa ne, kuma a kan kwafi ake yin sa, ba abin da zai lalace.

Nafisa: Shi ma `git` ɗin ana iya ce masa ya daina:

```
git config --global core.editor nano
```

Na yi haka tun shekarar farko ban sake ganin Vim ba.

Mushe Lawali: A taki na'urar. Ranar da aka kira ki gyaran ta wani fa?

Nafisa: Ranar sai in tambayi zaure, Mushe.

Zainabu: Wata kuma ta taso. Na manta `:` na danna `q` da `w`, yanzu an rubuta `recording @w` a ƙasa, `Esc` bai kore shi ba.

Hadiza: `q` ba tare da `:` ba tana fara naɗar abin da kike dannawa ne don a maimaita daga baya. Ba ta ɓata komai. Ki tabbata kina yanayin umarni, ki sake danna `q` sau ɗaya, zai tsaya.

Sanusi: Yaya Hadiza, ta ƙarshe. Na dawo gida unguwar Zariya na gwada a tawa kwamfutar, amma `vi` na buga maimakon `vim`. Na danna `i`, ba a rubuta komai a ƙasa ba, kuma in na danna kibiya sai A ko B su fito a sabon layi. Shi ma tsarin kilabiye ne?

Ibro: Wannan tsohon `vi` ne na asali, ba Vim ba.

Hadiza: Ba lalle ba, Ibro. A Ubuntu da Debian sau da yawa ƙaramin Vim ne ke amsa sunan `vi`, yana kwaikwayon halin tsohon. A wannan halin ba ya nuna yanayin da kake ciki, kibiyoyi na zubar da haruffa a yanayin rubutu, `u` na biyu kuma yana mayar da abin da na farko ya warware ne maimakon ya ƙara komawa baya, don haka kada ka dogara da shi a can. Échap da `:q!` dai suna aiki yadda suke. Danna Échap ka buga `:set showmode` don ka riƙa ganin inda kake. Sannan ka fita, ka buga `vi --version` ka turo mini layukan farko, in na dawo daga aiki bayan la'asar sai mu ga wanne ne a na'urar taka.